Bayan digiri na biyu: yadda na auna tsakanin digirin digirgir da aikin kamfanin man girki

Digirina na biyu a fannin kimiyyar sinadarai na yi shi, kuma bincikena ya shafi yadda za a tsame sinadarin kuromiyam daga gurɓataccen ruwan da kamfanonin jimar fata na Challawa ke zubarwa, ta hanyar amfani da gawayin ɓawon gyaɗa da aka sarrafa. Aikin da aka tsara zai ƙare cikin shekara biyu sai da ya haura uku, domin yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba, ya same ni ina tsakiyar gwaje-gwaje. Ina kare kundina a farkon 2023 sai hanyoyi biyu suka buɗe min kusan lokaci guda. Malamin da ya duba aikina ya ce in nemi gurbin digiri na uku mu ɗora daga inda muka tsaya. Wani kamfanin tace man girki a Kano kuma, wanda na yi intabiyu da shi tun ana cikin yajin, ya kira ni aikin tantance ingancin kaya a ɗakin gwajinsa, da albashin naira dubu 170 a wata kafin a cire haraji da fansho. Mako biyu suka ba ni in amsa.

Shawarar da na fara samu a gida da majalisa duk iri ɗaya ce. Wasu su ce ai ilimi ba ya ruɓewa, ka ƙarasa a kira ka Dakta. Wasu su ce a wannan marrar wa ke wasa da albashi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma maganar tasu ba ta kai ni ko'ina ba. Yayana ne, wanda akanta ne, ya juya tambayar. Ya ce: “Kai dai faɗa min, wa zai biya kuɗin shekarun nan da za ka yi? Ba kuɗin makaranta nake nufi ba. Shekarun kansu.” Daga nan na ɗauko biro da takarda.

Abu na farko da na lissafa shi ne kuɗin binciken. Mutane da yawa suna ɗauka rajistar makaranta ce babbar ɗawainiya, alhali a fannin kimiyyar da ake yi a ɗakin gwaji ita ce ƙarama. Tsarin da muka zana da Malam shi ne in ɗebi samfur a wurare shida a bakin kogin Challawa, tun daga sama da inda kwatamin kamfanoni ke zuba har ƙasa inda masu noman rani ke ban ruwa. A kowane wuri zan ɗebi ruwa da ƙasa da ganyen lambu, sau uku-uku don a samu abin kwatantawa, a damina da kuma rani. Wuri shida sau iri uku sau maimaici uku sau yanayi biyu, samfur 108 ke nan. Kowane samfur za a auna ƙarafa biyar a cikinsa: kuromiyam, dalma, kadmiyam, tagulla da tutiya. Awo 540. Inda na tambayi farashi an ce min naira 1,500 kowane awo, wato dubu 810, kuma wannan babi ɗaya ne kacal na kundin. Ban sa kuɗin asid ɗin da ake narka samfur da shi ba, ban sa kwalabe da takardar tacewa da kuɗin mota ba. Sannan gawayin da zan sarrafa dole a auna faɗin fuskar ƙofofinsa, a kuma ɗauki hotonsa da madubin lantarki mai tsananin girmamawa, wanda sau da yawa sai an aika da samfur wani gari ko wata ƙasa. Daga ƙarshe ga buga maƙaloli, domin ba a bari ka kare kundi sai ka nuna ka wallafa wani abu daga cikinsa, kuma mujallu da dama da dala suke karɓar kuɗi. Da na tara komai, da rajistar shekara huɗu, na tashi da kusan miliyan biyu da rabi. Wannan kafin watan Yunin 2023 ne, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da hukuma ke sayarwa a kan 460 da 'yan kai, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,400, kuma kusan duk sinadarin da ke kan kantar ɗakin gwaji daga waje ake shigo da shi.

Na rubuta shekara huɗu ne da gangan. A takarda, mafi ƙarancin wa'adin digiri na uku ga ɗalibin cikakken lokaci shekara uku ne. Amma na zauna da waɗanda suka riga ni a sashen, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya yaushe suka yi rajista, yaushe suka kare. Ban samu wanda ya gama a uku ba. Huɗu shi ne mai sa'a, biyar da shida ba abin mamaki ba ne, musamman ga waɗanda yajin 2020, na wata tara, da na 2022 suka haɗu a kansu.

Sai lissafi na biyu, wanda Yaya yake nufi. Albashin dubu 170 sau wata 48 ya kama miliyan 8 da dubu 160. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10. Nawa kason yana cikin albashin da na riga na ƙirga, amma na kamfanin ƙari ne: a kan dubu 120 da takardar tayin ta nuna shi ne ɓangaren da ake lissafa fansho a kai, dubu 12 ke nan a wata, dubu 576 a shekara huɗu. Idan aka haɗa da miliyan biyu da rabi na bincike, digirin zai ci min abin da ya ɗan haura miliyan 11, ko da ban samu ƙarin albashi ko sau ɗaya ba a kamfanin. Sai na ce to mu ɗauka bayan na zama Dakta zan riƙa samun dubu 60 a wata fiye da wanda ya tsaya a kamfani. Miliyan 11 a raba da dubu 60, wata 183 da ɗoriya, shekara goma sha biyar. Ina da shekara talatin a lokacin. In gama a talatin da huɗu, in mayar da abin da na kashe ina dab da hamsin.

Wannan lissafi yana da rauni, kuma na san da shi tun ina yi. Hauhawar farashi tana cinye ma'anar kowace lamba da aka jefa shekara goma gaba. Dubu sittin ɗin nan ma zato ne kawai. Da wani abokina da ke koyarwa a matakin mataimakin lakcara ya nuna min takardar albashinsa, sai na ga bai kai abin da kamfanin ya yi min tayi ba, kuma wanda ya shigo da sabon digiri na uku mataki ɗaya ne kawai a samansa. Wato a shekarun farko ratar tana iya zama ta juye, mai digirin ne a ƙasa. Amfanin lissafin a wurina shi ne ya raba min abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya: digirin da wani ke biya maka kana karɓar alawus, da digirin da kai kake biya daga aljihun da ba komai ke shiga cikinsa. Na farko aiki ne mai ƙaramin albashi. Na biyu bashi ne da kake ci a kan shekarunka.

Don haka na koma neman wanda zai biya. Sunan da kowa ke fara ambata shi ne TETFund, amma tallafin ƙaro karatunsu na malaman da ke aiki a manyan makarantun gwamnati ne, makarantarka ce za ta tura sunanka, kuma za ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi mata aiki. Ni ba ma'aikacin kowa ba ne. Ga shi kuma samun aikin koyarwar ya fi sauƙi ga mai digirin, digirin kuma ya fi sauƙi ga mai aikin. PTDF tana ɗaukar nauyin karatu a fannonin da suka danganci mai da iskar gas, kuma sai na murɗe bincikena sosai kafin ya shiga wannan layin. Akwai tallafin Commonwealth na Birtaniya, da DAAD ta Jamus, da TWAS wadda ke tura ɗaliban ƙasashe masu tasowa zuwa cibiyoyin bincike a wasu ƙasashe masu tasowa, da na gwamnatin Sin. Duk waɗannan sau ɗaya ake buɗe su a shekara, ana so ka zo da tsarin bincike da aka rubuta da kyau, da wasiƙun malamai, galibi da wani farfesa a can da ya amince zai karɓe ka, wasu kuma da sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS wadda shekara biyu take yi ta daina aiki. Daga ranar da ka fara shiri zuwa ranar da za ka hau jirgi, in an dace, shekara guda ce ko fiye. Ba abin da za a warware cikin mako biyu ba ne. Abin da na lura da shi a nan shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya hana mai aiki nema. Ana iya cike takardun da dare bayan an tashi daga aiki.

Da na je wa Malam da takardar lissafina, na yi tsammanin zai ji haushi. Sai ya karanta ta har ƙarshe, ya cire tabarau. Na ce: “Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Akwai wani tallafin bincike a hannunka da aikin nan zai shiga ciki?” Ya ce babu, ya nema, ana jira. Sannan ya faɗa min abin da har yau nake ganin girmansa a kai. Ya ce idan burina koyarwa a jami'a ne, to babu makawa sai da digirin, domin da na biyu za a ɗauke ka mataimakin lakcara, ka taka zuwa lakcara na biyu da na ɗaya, amma babban lakcara ba ya samuwa sai da na uku, balle farfesa. Kowane mataki kuma aƙalla shekara uku ne, da adadin maƙalolin da ake buƙata. Wanda ya shigo da wuri shi ke kaiwa ƙarshe da sauran ƙarfinsa, kuma farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, sauran malamai 65. “Amma in ba ka tabbata koyarwa kake so ba,” in ji shi, “kada ka shigo don ni. Ina da ɗalibai a nan da suka shigo don ba su samu abin yi ba, kuma su ne ba sa gamawa.”

Kafin in fita daga sashen na leƙa ɗakin na'urori, ba don ban san shi ba, sai don in dube shi da idon wanda zai jingina shekara huɗu a kansa. Wannan dubawar ina ba duk mai niyyar digiri na uku a kimiyya shawarar ya yi ta a duk inda zai je. Ganin na'ura a lulluɓe da leda a kan tebur ba ya nuna komai. Na'urar auna ƙarafa da harshen wuta tana buƙatar tukunyar iskar asitilin, da fitila ta musamman ga kowane ƙarfe, da ruwan ma'auni da bai lalace ba, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ana tsakiyar awo ba. Ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya. Littafin da masu amfani da ita ke sa hannu shi ke faɗin gaskiya: ka buɗe shafin ƙarshe ka ga kwanan wata. Na wurinmu ya kwana biyu ba a rubuta komai a ciki ba. Akwai wuraren da ake kai samfur a biya, kamar cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, ko CERT mai na'urar nukiliya ta bincike, amma wannan yana nufin kuɗin da na lissafa a sama, da bin layi, da kuma cewa wani ne zai yi awon ya miƙo maka lambobi. Za ka iya fitowa da digirin digirgir a kimiyyar awo ba ka taɓa kunna na'urar da hannunka ba. Wannan ya dame ni fiye da kuɗin.

Ɓangaren kamfani ma ban karɓe shi ido rufe ba. Wanda ya tashi a Arewa ya san masana'anta ba dutse ba ce. Mahaifin abokina ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri, a Kaduna, ya wayi gari an rufe ƙofa, kuma duk wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai zai ga gine-ginen da ciyawa ta cinye. Jami'a tana jinkirta albashi, tana shiga yaji, amma da wuya a rufe ta. Saboda haka tambayar da na riƙe ita ce: idan kamfanin nan ya durƙushe bayan shekara biyar, me zan fita da shi a hannuna da wani zai saya? Na roƙi a bar ni in sake zuwa in ga ɗakin gwajin kafin in sa hannu, shugabar sashen ta yarda. Na tambaye ta ko ɗaukar kai tsaye ce ko ta hannun ɗan kwangila, domin a kamfanoni da yawa za ka yi shekaru kana sa rigarsu alhali a takarda kai ma'aikacin wani dillali ne, ba ƙarin girma ba tabbas. Ta ce kai tsaye ce, bayan wata shida na gwaji. Na tambayi inda wanda zan gada ya tafi, ta ce wani kamfanin abinci a Legas ya ɗauke shi a matsayin da ya fi nasa. Wannan amsar ta yi min daɗi, don ta nuna abin da ake koya a nan yana da kasuwa. Na duba jikin sikeli da na'urori na ga takardun da ke nuna ranar da aka daidaita su da ranar da za a sake. Ɗakin gwajin da ba ya daidaita ma'auninsa ba abin da zai koya maka sai rubuta lambar da manaja ke so.

Na kuma tambaye ta kai tsaye: “Hajiya, da ina da digiri na uku, me zai canza a takardar nan?” Ta yi dariya ta ce ba ko sisi, wataƙila ma su yi shakkar ɗaukata don za su ga ba zan zauna ba. Ita kanta digiri ɗaya gare ta, da shekara goma sha a bakin aiki, da shaidar ƙwarewa a tsare-tsaren inganci na duniya na ISO da rajistar IPAN, cibiyar masu tantance kayan abinci da magunguna ta ƙasa. A irin waɗannan kamfanoni abin da ke ɗaga mutum shi ne ya iya tsayawa gaban jami'an NAFDAC da na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ranar da suka zo duba, takardunsa a kammale, ya kuma iya gano dalilin da ya sa kaya suka lalace kafin a yi asarar tanki guda. A iya abin da na gani, kamfanoninmu sarrafawa suke yi, ba ƙirƙira ba. Manyan na ƙasashen waje ma ɗakunan bincikensu suna can gida, nan sai dai a aiko da tsari a bi. Inda digiri na uku ke da farashi shi ne jami'a, da cibiyoyin bincike irin su FIIRO a Oshodi da NIPRD a Abuja da IITA a Ibadan, sai kuma kamfanonin magunguna da sinadarai na ƙetare.

Abin da ya yanke min hukunci a ƙarshe shi ne tambayar wace ƙofa ce ke rufewa da shekaru. Tallan ɗaukar sababbin ma'aikata a manyan kamfanoni sau da yawa yana zuwa da iyakar shekaru, ashirin da shida ko da bakwai ko da takwas, kuma ni na riga na wuce su. Wannan tayin ma sa'a ce. Mutum mai shekara talatin da biyar, da digiri uku, wanda bai taɓa aiki a masana'anta ba, ya yi girma da matakin farko, bai kuma cancanci na sama ba. Ita kuwa jami'a tana karɓar ɗalibin digiri na uku ko yana da arba'in da biyar. Gaskiya ne jinkirin yana da nasa farashi: wasu tallafin na waje suna da iyakar shekaru ko iyakar tsawon lokacin da ya wuce tun bayan digirinka na ƙarshe, lissafi da ka'idoji suna dusashewa a ka, iyali suna ƙaruwa, kuma wanda ya saba da albashi da wuya ya koma rayuwar ɗalibi. Mutane da yawa sun ce za su dawo ba su dawo ba. Amma ƙofa ɗaya a hankali take rufewa, ɗayar kuma an ba ni mako biyu. Na sa hannu.

Aikin kansa ba abin da ɗalibin digiri na biyu ke mafarki ba ne. Karɓa-karɓa muke yi kashi uku, shida na safe zuwa biyu, biyu zuwa goma, goma zuwa wayewar gari. Awon da na fi yi shi ne na yawan asid ɗin da ya ɓalle daga jikin mai, wanda shi ke nuna ko man ya fara lalacewa. Tanka za ta shigo da ɗanyen mai, a hau a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa a gauraya. In auna giram biyar a kwalba, in zuba barasar gwaji mai ɗumi da aka riga aka kashe tsaminta, in ɗiga sinadarin da ke canza launi, sannan in riƙa sakin ruwan soda ɗigo-ɗigo ina kaɗawa har ruwan hoda ya bayyana ya tsaya na daƙiƙa talatin. Lissafin guda ne:

%FFA = (V × N × 28.2) / W

%FFA shi ne kason asid ɗin da ya ɓalle cikin ɗari, V mililitan sodar da ta shiga, N ƙarfinta, W nauyin man. Wani dare tanka ta zo da takardar mai kaya tana cewa kashi 3 ne. Na auna, soda mai ƙarfin 0.1 ta ci mililita 8.9 a giram biyar, wato kashi 5 da ɗan ɗori. Na sake da sabon samfur, haka. Kafin in kira kowa sai da na gwada ƙarfin sodar kanta, domin tana shan iska ta yi rauni idan ta daɗe a buɗe, kuma soda mai rauni tana sa mai kyau ya fito kamar mara kyau. Lafiyarta ƙalau. Ratar kashi biyu a tanka mai tan talatin kilo 600 ne na asid da za a cire a zubar a wajen tacewa, ban da man kirki da ke bin sa. Direba yana bakin taga yana cewa Malam a taimaka, tun la'asar nake nan, wakilin mai kaya yana kira a waya, ni kuma sa hannuna ake jira. An rage farashi aka sauke. Man da muka tace kuma ba ya fita sai ya sauka ƙasa da kusan kashi 0.3, an kuma tabbatar da sinadarin bitamin A da doka ta wajabta a zuba a man girki.

Ilimin sinadaran da ke cikin wannan awo na ɗan aji biyu ne a jami'a. Abin da ba a koya mana ba shi ne lamba tana da mai ita, wani zai yi asara ko riba a kanta cikin awa guda, kuma dole ka iya kare ta. A shekara ta farko na taɓa na'urori da hannuna fiye da duk zamana a makaranta. Amma akwai abin da na rasa, kuma ba zan ɓoye shi ba. A kamfani ba a tambayar me ya sa sai in kaya sun lalace. Da zarar lamba ta shiga cikin iyaka, magana ta ƙare, ko da kai ka ga wani abin mamaki da ya cancanci a bi shi. Bayan wani lokaci sai ka ji hannunka yana ƙwarewa, kanka yana zaune wuri ɗaya. Abokin karatuna da ya samu tallafi ya tafi Malesiya yana turo min maƙalolinsa, kuma idan na karanta nakan ji wani abu a raina. Shi ma da muka yi waya, damuwarsa ita ce in ya gama ina zai dawo.

Mutane suna yawan cewa ai sai ka haɗa biyun, ka yi digirin na wucin gadi kana aiki. A fannin da littafi da kwamfuta suka isa, yana yiwuwa. A namu, gwajin da ke buƙatar ka ɗebi samfur duk bayan minti talatin na tsawon yini ba ya jiran ka tashi daga dutin dare, kuma bincikena na kuromiyam ba shi da alaƙa da man gyaɗa ko na waken suya. Hanya ɗaya da na ga tana ɓullewa ita ce tambayar binciken ta fito daga cikin aikin kansa, yadda ɗakin gwajin kamfani zai zama ɗakin bincikenka. Tawa ta fito ne daga kasuwa. Bitamin A ba ya jure haske da iska da zafi. Muna zuba shi daidai gwargwado a masana'anta, sannan man ya tafi ya zauna a jarka mai haske a rana a bakin shago, a juye shi a kwalabe da ƙulle-ƙullen leda. Nawa ne ke saura ranar da ya shiga tukunya, kuma wane irin mazubi ne ya fi riƙe shi a zafin Kano na watan Afrilu? Kamfani yana da dalilin son amsar, muna da na'urar da ke auna shi kuma tana aiki, Malam kuma ya haɗa ni da wata malama a fannin kimiyyar abinci da ta ce za ta duba aikin tare da shi.

Inda maganar take yanzu shi ne kan mallakar sakamako. Jami'a ba za ta ba da digiri a kan binciken da ba za a wallafa ba, kamfani kuma ba ya son a buga lambobin da za a iya dangantawa da kayansa, musamman in sun fito ba yadda ake so ba. Shawarar da na kai musu ita ce a sayo mai na kamfanoni daban-daban daga kasuwa, a sa musu lambobi maimakon suna, ni in biya kuɗin sinadaran da zan ƙona, su kuma su ba ni na'urar a ranakun da layi ba ya aiki, su ga kowace maƙala kafin ta fita ba tare da ikon canza lamba ba. Shugabar sashenmu ta sa hannu ta tura sama. Na ce ba zan biya kuɗin fom ɗin makaranta ba sai takardar ta dawo a rubuce da hatimi, domin manaja yana iya canzawa a shekara ta biyu, kuma alkawarin baki ba ya bin kujera.